“An Fi Ni Albashi” Ba Hujja Ba Ce: Yadda Ake Rubuta Takardar Koke

A watan Yuni na 2024 ne gwamnatin Dauda Lawal ta fara biyan naira 30,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a Zamfara, wato adadin da dokar tarayya ta tanada tun 2019. Wata guda bayan haka Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan dokar naira 70,000. Duk lokacin da aka taɓa jadawalin albashi haka, ma'aikata kan shiga kwatanta alat ɗin wayoyinsu, kuma a nan ne wani kan gano cewa wanda suka kama aiki rana ɗaya ya yi masa nisa. Daga Janbako zuwa Bakura da Talata Mafara, abin da yawanci kan biyo baya shi ne gunaguni a gindin bishiya, ko neman wani babba ya sa baki. Gunaguni kuwa ba ya shiga fayil.

Kafin a ɗauki biro, sai an gano daga inda bambancin ya fito. Kuɗin da ke faɗowa a asusu saura ne, bayan an cire haraji da kuɗin ƙungiya da bashin banki ko na ƙungiyar adashe. Mai biyan bashin babur zai ga alat ɗinsa ya gaza na abokinsa ko da albashinsu ɗaya ne kwabo da kwabo. Don haka abin kwatantawa shi ne albashin kafin cire-cire, da lebul, da sitef. Haka kuma ba kowane bambanci ne zalunci ba. A aikin koyarwa, mai shaidar NCE kan fara a lebul 07, mai digiri a lebul 08, ko da suna koyar da aji ɗaya. Ma'aikacin asibiti kuma jadawalinsa daban ne da na ma'aikacin sakatariya. Wanda ya kai ƙara a kan irin wannan zai dawo da kunya.

Mu ɗauki misalin wani malamin firamare a Janbako, a ƙaramar hukumar Maradun. Kuɗaɗen da za a ambata na misali ne. Shi da abokin aikinsa duk masu NCE ne, an ɗauke su shekara ɗaya, an kuma ba su takardar ƙarin girma zuwa lebul 08 a zama ɗaya. Abokin ya ga ƙari, shi bai gani ba. Da ya duba takardar biyansa, sai ya tarar har yanzu 07 ke rubuce a kai, kuma ratar naira 6,500 ce a wata.

A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Takardar ƙarin girma kan zo da kwanan wata biyu: ranar da girman ya fara aiki a lissafin shekarun hidima, da ranar da kuɗin zai fara. In ta ce girman daga Janairu 2022 ne amma kuɗi daga Janairu 2023, to ariyas daga ta biyun ake ƙirga shi. Zuwa Disamba 2024 wata 24 ke nan, sau 6,500, naira 156,000. Da malamin ya ƙirga daga 2022, da ya nemi 234,000, kuma akawun da ya kama wannan kuskure ba zai ƙara yarda da sauran takardar ba.

Ita takardar shafi ɗaya ya ishe ta. A sama akwai suna da lambar fayil da makaranta da kwanan wata. Ana rubuta ta ga Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, amma ta hannun hedimasta, wanda zai sa hannu ya tura. Tsallake na kusa da kai laifi ne a tsarin aikin gwamnati, kuma takardar da ta yi tsallake sau da yawa dawo da ita ake yi. Ofisoshi sun fi saba da Turanci, to ko wani ne zai juya maka, cikinta ya zama kamar haka:

“Ranka ya daɗe, ina gabatar da koke a kan rashin aiwatar da ƙarin girmana. An ɗaga ni zuwa lebul 08, kuɗi daga Janairu 2023, kamar yadda takardar da na haɗa ta nuna. Har zuwa albashin Disamba 2024 a lebul 07 ake biyana, alhali waɗanda aka ɗaga mu tare an daidaita nasu. Ina roƙon a mayar da ni lebul ɗina, a biya ni ariyas na wata 24, naira 156,000, a kuma sanar da ni matakin da aka ɗauka a rubuce.”

Lura cewa bai ambaci sunan abokinsa ba. A ganina wannan ya fi, domin a gari irin Janbako abokin aiki maƙwabci ne, wataƙila ma suruki, kuma jefa sunansa cikin ƙara na iya jawo a binciki nasa albashin maimakon a gyara naka. In an nemi shaida daga baya, sai a kawo da izininsa. Bai kuma ce son kai aka yi ko siyasa ba. Zargin da ba a iya tabbatarwa yakan juya ya zama takardar tuhuma a kan mai koken, alhali sau tari matsalar ba ta wuce sunan da ya zame daga jerin da aka aika wa masu biyan albashi ba.

A haɗa kwafin takardar kama aiki, da ta tabbatarwa, da ta ƙarin girma, da shaidar karatu, da bayanin asusu daga banki. Na asali su zauna a gida. A yi kwafi biyu na koken, a sa magatakarda ya buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka. Ba tare da wannan hatimi ba, ranar da aka ce takarda ba ta iso ba, babu abin da za ka nuna.

Game da doka, kada a cika baki. Sashe na 17 na tsarin mulkin 1999 ya yi maganar biya daidai ga aiki daidai, amma yana cikin babi na biyu, wanda ba a kai ƙara kai tsaye a kansa. Najeriya ta kuma amince da yarjejeniya ta 100 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 1974, sai dai ita a kan bambanci tsakanin maza da mata take. Malamin Janbako takardar ƙarin girmansa ta fi masa waɗannan ƙarfi. Mai aiki a makarantar kuɗi ko gidan mai kuwa madogararsa yarjejeniyar aikinsa ce, kuma Dokar Ƙwadago ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aiki a rubuce cikin wata uku da farawa. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba.

In aka yi shiru, bayan wata guda sai a aika tunatarwa mai ɗauke da kwanan watan takardar farko, a ba shugaban NUT na ƙaramar hukuma kwafi. Daga nan sai Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta jiha a Gusau, nan ma ta hannun Sakataren Ilimi. Ma'aikacin sakatariyar ƙaramar hukuma ƙungiyarsa NULGE ce, kuma in ya kai lebul 07 maganarsa na ga Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi. Bayan waɗannan akwai Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975 kuma ba ta karɓar kuɗi, amma takan so ganin an bi hanyoyin cikin gida tukuna, kuma dokarta ta ɗebi wata goma sha biyu daga faruwar abin. Wanda ya zauna jiran “ana kan dubawa” har shekara ta zagayo na iya tarar da wannan ƙofa a rufe, abin da zai rage masa shi ne Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da kuɗin lauya.