Tela da Mai Aikin Wuya a Shago Ɗaya: Yaya Za Su Raba Kuɗi?

A unguwanninmu ba wuya ka tarar da telan da ya iya yanka da haɗa kaftani, amma in aka zo aikin wuya sai ya naɗe rigar ya kai wa wani. Shi kuma wancan yana da keken aiki da janareta, sai dai masu kawo ɗinki ba su san ƙofarsa ba. In abokai ne, wata rana ɗaya zai ce su kama shago ɗaya mana. Shawara ce mai kyau. Abin da ke kashe ta shi ne amsar da ake bayarwa in an zo maganar kuɗi: "Haba, ni da kai? Sai mu raba daidai."

Raba daidai ɗin ba laifi ba ne, amma sai an fara sanin mene ne ake rabawa. Kuɗin da mai kaya ya biya ba riba ba ne. A cikinsa akwai na zare, akwai na fetur, akwai na mai shago, akwai kuma na keken da ke tsufa kullum ba tare da kowa ya ji ƙararsa ba.

Bari mu buga misali da mutum biyu, mu kira su Habu da Salisu, da alƙaluman da muka ƙaddara don lissafi kawai. Habu tela ne, yana da kekensa. Salisu ne mai keken aiki da janareta. A mako mai ciniki sun ɗinka kaftani 20 masu aiki, kowanne a kan naira 10,000, wato an karɓi 200,000. Zare da maɓallai da sauran tarkace sun ci 30,000, fetur 25,000, yaron da ke guga 10,000, kason hayar shago na makon 5,000. An kashe 70,000, saura 130,000. Fetur dai tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ya daina zama abin da mutum ɗaya zai riƙa saya daga aljihunsa yana cewa ba komai, don haka a rubuta shi lita-lita.

A nan ne yawancin abokai ke tsayawa su raba, kuma a nan ake cutar mai kayan aiki ba da niyya ba. Ranar da janareta ya buga, Salisu zai duba ya ga nasa ne ya mutu a aikin mutum biyu. Maganin wannan shi ne a yi wa kowane inji ƙima tun ranar farko, a kuma kintaci tsawon lokacin da zai yi aiki. In keken aiki ya kai 600,000 kuma ana sa ran zai yi mako 200, kusan shekara huɗu ke nan, to yana cin 3,000 a mako. Janaretan 300,000 da zai yi mako 100 shi ma 3,000. Keken Habu na 200,000 a mako 200, nasa 1,000. Wannan 7,000 ɗin ladan kaya ne, kowa ya ɗauki na abinsa. Sannan a ware kashi ɗaya bisa goma na 130,000 ɗin nan, wato 13,000, a jefa asusu saboda gyara da canjin bakin mai da makonnin da ba ciniki. Abin da ya rage, 110,000, shi ne na gumi.

Rabon gumi ya fi wuya, domin kowa gani yake nasa aikin ne ke jawo mutane. Habu zai ce ai zaman riga a jiki shi ne ɗinki, Salisu ya ce aikin wuya ido ke fara gani. Musun nan ba ya ƙarewa, gara a koma ga abin da ake iya aunawa. In yanka da haɗa kaftani da wando na cin awa uku, aikin wuya da hannu na cin awa biyu, to rabon uku da biyu ne: Habu 66,000, Salisu 44,000. Da ladan kaya, Habu ya tashi da 67,000, Salisu da 50,000. Da sun raba 130,000 gida biyu, da Habu ya yi wa abokinsa aikin wasu awowi kyauta, asusu kuma babu ko sisi.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da tattauna irin wannan tarayya ta masu sana'a. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ta halatta ta in ana aikin a wuri ɗaya, kuma aikin iri ɗaya ne ko makusancin juna. Ɗinki da aikin wuya sun shiga ciki. Muhtasar na Halil ya ƙara bayani: kowa ya ɗauki gwargwadon aikinsa, kuma ba a gina tarayyar a kan ɗaya ya kawo kayan aiki masu tsada a banza. Har rashin lafiya an taɓo. Ciwo ko tafiya ta kamar kwana biyu ana kau da kai, in ta yi tsawo kuwa lissafi ya canja. Wanda ke son tsarinsa ya dace da Shari'a, ya kai shi gaban malami da alƙalumansa kafin a fara, don akwai saɓanin fahimta a kan yadda ake biyan ladan kaya.

Rabon uku da biyu ya yi daidai a cikin azumi, lokacin da kowa ke son rigar Sallah mai aiki. Bayan Sallah kuma sai ɗinki marar aiki ya yi yawa, keken Salisu ya yini a rufe. In aka ci gaba da ba shi biyu cikin biyar, Habu zai fara ɗaure fuska, ba zai faɗi dalili ba. A ganina hanya mafi tsabta ita ce Salisu ya ɗauki wani nauyi na gaske a irin wannan lokaci, kamar awo, saka maɓalli, shiga kasuwa sayo kaya da riƙon littafi. In ba zai iya ba, a fitar da rigunan da bai taɓa ba daga rabo, Habu ya biya kasonsu na haya da wuta.

Akwai kuma ƙananan ƙofofin da kuɗi ke zurarewa. Kafin alƙalami da mai kaya ya bayar ba a raba shi sai an miƙa riga, domin yana iya dawowa ya ce ya fasa. Kuɗin da aka turo ta waya ya shiga asusun banki guda da dukansu ke ganin saƙonsa, kada ya gauraya da kuɗin cefanen gidan wani. Ɗinkin dangi ma a yi masa iyaka. Ba wanda zai karɓi kuɗin ɗinki a hannun mahaifinsa, amma in ƙannen Habu shida za su yi rigar Sallah da zaren shago da fetur ɗin shago, sai a rubuta a cire daga kasonsa. Alamar cewa ana zurara ba ta ɓuya: zare na ƙarewa da wuri, fetur na tafiya, amma adadin rigunan da ke littafi bai ƙaru ba.

In guga ta ƙone shaddar mutum ko almakashi ya yi kuskure, mai kaya shago ya sani, bai san wane ne ya yi ba. A fiƙihun Malikiyya ma aikin da ɗaya ya karɓa yana kan ɗayan, har lamuninsa, ko da sun riga sun rabu. Saboda haka takardar da za su sa wa hannu gaban shaidu biyu ta faɗi cewa ɓarnar tsautsayi daga asusu za a biya, ta ganganci kuwa daga kason mai ita. Ta kuma faɗi yadda za a rabu: kowa ya ɗauki injinsa, abin da aka saya da kuɗin asusu a yi masa ƙima ɗaya ya biya ɗaya, kuma ba a rufe littafi sai an miƙa wa kowane mai kaya rigarsa.