Jimla ɗaya kafin a kunna kyamara

A ƙarshen shekarar 2021 kamfanin Netflix da hukumar UNESCO suka buɗe gasar gajerun finafinai ga matasan Afirka, suka ce kowa ya ɗauko tatsuniyar gargajiya ya ba ta sabuwar riga. Sama da mutum 2,000 suka nema, aka ɗauki shida, cikinsu har da 'yar Najeriya Korede Azeez, wadda fim ɗinta Zaɓin Halima ya fito a 2023. Wanda aka ɗora wa tace tulin takardu irin wannan ba shi da lokacin sauraron doguwar hira daga kowa. Layukan farko yake karantawa, a nan ne yake yanke shawarar ko ya ci gaba ko ya ɗauki ta gaba. Haka furodusa yake a Kano idan an tare shi a bakin ofis da sabon labari, haka mai kuɗin da ake so ya zuba jari. Shi ya sa masu harkar fim suke da abin da suke kira loglayin, wato jimla guda da ke faɗin abin da fim ya ƙunsa. A shafin FilmFreeway, inda ake tura finafinai zuwa bukukuwa da dama, ɗan taƙaitaccen bayanin fim yana cikin abubuwan farko da mai tantancewa ke gani.

Abu huɗu jimlar take ɗauka: wane ne labarin ya hau kansa, me yake nema, me ya tare masa hanya, me zai rasa idan ya gaza. A gajeren fim akwai ƙarin sharaɗi, domin fili kaɗan ne. Masu ba da kyautar Oska suna kiran fim gajere idan bai wuce minti 40 ba, gasar gajerun finafinai ta bikin Kan na Faransa kuwa minti 15 ne iyakarta. A cikin minti goma ko sha biyar ba a ba da tarihin rayuwar mutum. Aukuwa ɗaya ake kamawa, sau da yawa a wuri ɗaya cikin wuni ɗaya, kuma dole jimlar ta nuna wace aukuwa ce.

A ɗauki wani matashi mai son yin fim kan yaron tela. Idan aka tambaye shi labarin, amsar da aka fi ji ita ce irin wannan: “Fim ne mai taɓa zuciya da ke nuna muhimmancin gaskiya da riƙon amana a tsakanin matasa.” Duk wanda ya saba jin tallar finafinai ya san wannan salo. Matsalarsa ita ce babu mutum a ciki, babu abin da ya faru. Darasi aka faɗa, kuma darasin zai hau kan finafinai ɗari. “Mai taɓa zuciya” kuma yabon kai ne, wanda hukuncinsa ke hannun mai kallo. Hanya mafi sauƙi ta gane jimla irin wannan ita ce a tambayi kai: me kyamara za ta ɗauka a nan? Ba a ɗaukar hoton riƙon amana. Ana ɗaukar hoton hannu da almakashi da yadi.

Sai ya sake gwadawa: “Labarin Sani ne, yaron da ke koyon ɗinki a Fagge, da irin wahalhalun da yake sha a hannun maigidansa.” An samu ci gaba, domin yanzu akwai mutum da wuri. Amma sunan Sani bai gaya wa baƙo komai ba, ya cinye gurbin da ya kamata a sa siffar da ke aiki, kamar sabon shiga, ko maraya, ko matsoraci. Shi ya sa aka saba barin suna a waje sai in mutumin sananne ne a tarihi. Babbar illar ita ce kalmar “wahalhalu”. Hali ne da ke gudana kullum, jiya da yau da gobe, ba shi da farko ba shi da ƙarshe. Fim mai dogon zango zai iya rayuwa a kansa tsawon makonni, gajeren fim ba zai iya ba. Tambayar da za a yi wa marubucin ita ce: a cikin duk kwanakin yaron nan a shagon, wace rana ce ta bambanta da sauran?

A nan aikin gaske yake, kuma yawanci a nan ake gano cewa labarin ne bai nuna ba tukuna, ba hikimar tsara kalma ce ta yi ƙaranci ba. A ce marubucin ya yi tunani ya dawo da amsa: daren jajiberin Sallah ne, shago cike da ɗinki, yaron ya ƙona shaddar babban kwastoma da dutsen guga. To, yanzu akwai aukuwa, har da agogo a cikinta, tunda kowa ya san mai kaya zai zo da asuba kafin a tafi idi. Ba sai an bayyana wa Bahaushe abin da daren nan yake nufi a shagon tela ba, kuma wannan riba ce, domin kalma uku sun yi aikin sakin layi guda. Sai dai har yanzu yaron abin tausayi ne kawai, abu ya same shi. Mai kallo yana so ya ga abin da zai yi. Idan mafitarsa ita ce ya zauna ya yi kuka har maigida ya dawo, babu fim.

Saboda haka sai a ba shi hanya, a kuma sa wa hanyar farashi. A ce akwai shadda guda a shagon mai launi ɗaya da wadda ta ƙone, ita ce tasa, wadda mahaifiyarsa ta yi shekara tana zubin adashi kafin ta saya masa. Jimlar sai ta zama haka:

“A daren jajiberin Sallah, yaron tela da ya ƙona shaddar babban kwastoma yana da zuwa asuba ya zaɓa: ya yanka tasa mai launi ɗaya, wadda uwarsa ta yi shekara tana adashi ta saya, ko ya faɗi gaskiya a kore shi.”

Kalma arba'in ce. A Turanci an fi ba da shawarar kada a wuce ashirin da biyar zuwa talatin, amma Hausa tana tafiya da ƙananan kalmomi irin su ya da ta da na, don haka a ganina talatin da biyar zuwa arba'in ba laifi, muddin za a iya faɗinta a baki ba tare da an tsaya neman numfashi sau biyu ba. A lura da abin da aka zubar. Fagge ta fita, domin labarin zai yi aiki a Zariya ko Maraɗi. Dutsen guga ya fita, domin “ƙona” ta wadatar. Muguntar maigida ta fita, “a kore shi” ta ɗauke ta. Abin da bai fita ba shi ne adashin uwar, ko da yake shi ya fi cin kalmomi, saboda in babu shi yanka shaddar ba ya ciwo, zaɓin kuma ya zama wasa.

Akwai wani abu da marubucin Amurka Blake Snyder ya nanata a littafinsa na rubutun fim na 2005, cewa jimla mai kyau tana ɗauke da wani saɓani da ke sa mai ji ya ɗaga gira. A tamu, yaron da ya kwana yana haɗa wa mutane kayan Sallah shi ne zai iya wayar gari ba nasa. Ba a faɗi wannan a fili ba, mai karatu ne ke hango shi da kansa, kuma ya fi daɗi a haka.

Furodusa kuma da idon lissafi yake karanta jimlar. Yana ganin shago ɗaya, dare ɗaya, 'yan wasa uku ko huɗu, keken ɗinki, janareta da fitilu. Zai iya ƙiyasta kwanakin ɗauka kafin ya ga shafi ɗaya na rubutun. Da jimlar ta ce “bayan shekara ashirin” ko “ya bi ɓarayin har Legas”, da ya san ko dai kuɗin sun fi ƙarfin gajeren fim, ko dogon fim ne aka matse.

Mai son ya gwada hannunsa sai ya ɗauki fim da aka riga aka yi ya rubuta masa jimla. Borom Sarret na Usman Sembene, ɗan Senegal, wanda ya fito a 1963 kuma tsawonsa kimanin minti ashirin ne, ya dace da wannan. Fim ɗin yana bin mai amalanken doki a Dakar wuni guda, yana ɗaukar mutane iri-iri, wasu ba sa biya, ɗan abin da ya samu kuma maroƙi ya wasa shi ya karɓe. Idan aka jera duk wannan, jimlar za ta kumbura. Abin da za a kama shi ne inda ya yi kasada: mai amalanke da ya wuni bai tara na cefane ba ya yarda ya kai wani mai kwat unguwar manya, inda aka haramta wa amalanke shiga. Ɗan sanda ya ƙwace amalanken a ƙarshe, amma jimlar ba ta bukatar faɗa, haramcin ya riga ya sa gaban mai ji ya faɗi.

Batun ɓoye ƙarshe yana rikita mutane. Ƙarshen ake ɓoyewa, ba matsalar ba. Wanda ya rubuta “sai wani abin mamaki ya faru da ya sauya rayuwarsa” ya ɓoye kayan da ya kawo kasuwa ne, kuma mai tantancewa zai ɗauka shi ma marubucin bai san mene ne abin ba. Tambayoyi irin na talla, su “shin zai tsira?”, na jikin fasta ne da tirela, inda ake jan 'yan kallo. Wanda zai ba da kuɗi ko gurbi a biki so yake a gaya masa zahirin abin. Idan ya nemi cikakken bayani na shafi guda, a can ake faɗin yadda aka ƙare, ba tare da rowa ba.

Gwajin ƙarshe da baki ake yinsa. A faɗa wa wanda bai san labarin ba, sau ɗaya, a bar shi ya ɗan yi wata hidima, sannan a ce ya maimaita. Abin da ya manta, ko dai bai da amfani ko an sa shi a inda ba ya fitowa. Sai kuma a saurari tambayar da zai yi. Idan ya ce “ban gane ba, shaddar wa aka ƙona?”, to wakilan suna sun cakuɗe, abin da ke yawan faruwa a Hausa idan maza biyu ko uku suka haɗu a jimla ɗaya kowa “ya” ne, kowa “shi” ne. Maganinsa a kira kowa da matsayinsa, yaro, maigida, kwastoma, ko a rage mutum ɗaya. Idan ya ce “Allah sarki” ya yi shiru, tausayi aka samu, labarin bai kama shi ba, sai a koma a duba ko zaɓin yana da tsada a ɓangarorin biyu. Idan kuwa ya ce “to, ya yanka ko bai yanka ba?”, a bar jimlar yadda take a fara rubuta fitowa ta farko.