Naɗi ɗaya, ƙarfi ninki biyar: abin da ke cikin tabar wiwi

Ganyen wiwi yana ɗauke da sinadarai barkatai, amma biyu ne suka fi tasiri a jikin mutum: THC da CBD. Daga tsiro ɗaya suke fitowa, sai dai aikinsu ya sha bamban.

THC shi ne mai sa maye. Masana biyu, Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni, su suka gano tsarinsa a Isra'ila a 1964. Idan an zuƙi hayaƙin, cikin mintoci kaɗan yake kaiwa ƙwaƙwalwa, ya taɓa sassan da ke kula da tunawa, jin daɗi da daidaita motsi. Daga nan ido ya yi ja, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, yunwa ta taso. Idan ya yi yawa, sai tsoro ya shigo, mutum ya ɗauka ana bin sa ko ana zancensa.

CBD kuwa ba ya bugarwa. A 2018 Amurka ta amince da wani magani da aka tace daga gare shi, mai suna Epidiolex, don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke farawa tun yarinta. Amma magani ne da likita ke aunawa, domin yana iya sa barci, ya kuma wahalar da hanta. Wanda ya ce wiwin bakin tasha magani ne saboda CBD, yaudarar kansa yake yi. Tsiron yana ƙera sinadaran biyu ne daga tushe ɗaya, don haka da manoma suka riƙa zaɓen iri mai yawan THC, sai CBD ya ragu ƙwarai.

A nan maganar ƙarfi ta shigo. A Amurka, wiwin da jami'ai suka kama a 1995 yana da THC kimanin kashi 4 cikin ɗari. Zuwa 2014 ya kai wajen kashi 12. Mu ɗauki naɗi mai rabin giram. Idan ganyen na kashi 4 ne, akwai THC miligiram 20 a ciki. Idan na kashi 20 ne, miligiram 100 ke nan. Girman naɗin bai canza ba, ido ba zai bambance su ba, amma na biyun ya ninka na farko sau biyar.

Wani bincike da aka wallafa a 2019, wanda ya haɗa biranen Turai da wani yanki na Brazil, ya nuna masu shan mai ƙarfi kullum, wato mai THC kashi 10 zuwa sama, haɗarin taɓin hankalinsu ya kusa ninka na marasa sha sau biyar. Abin ya fi tayar mini da hankali game da matasa, waɗanda ƙwaƙwalwarsu ba ta gama nuna ba.

A Najeriya haramtacce ne, kuma ƙullin da ake sayarwa a ɓoye ba ya zuwa da takardar awo. Iyaye, idan yaro ya fara zargin kowa, yana jin muryoyi, barci ya ƙaurace masa, ku kai shi asibiti da wuri.