Kafin Ka Kafa Shago, Zauna Ka Ƙirga Ƙafa

Ɗan tireda da ya sauka Kwatano da ɗan jarinsa, abin da ke fara ɗaukar idonsa shi ne bakin babban titi, inda 'yan zemijan masu rawayar riga ke ta kai da kawo. Sai ya ce ai nan ne kasuwa, ya biya hayar wata shida, ya sa kafinta ya buga masa shagon katako. Wanda ke kan babur kuwa ba zai tsaya sayen sukari da ashana ba. Shi ya sa tsofaffin hannu a Zongo ba sa biyan ko dala sai sun yi kwanaki suna ƙirga masu wucewa.

Ƙirgar ba ta da wuya. Ka samu wurin zama kusa da filin, teburin mai shayi ya fi, don baƙon da ya tsaya da littafi yana rubutu a ƙasar mutane sai an tambaye shi dalili. Zuba wake a aljihun dama; duk mutum ɗaya da ya wuce, ka mai da ƙwaya ɗaya aljihun hagu. Minti 15 ya isa, sai ka ninka sau huɗu ka samu na awa. Ka yi haka da ƙarfe bakwai na safe, da azahar, da la'asar, da bayan magariba, ka ɗauki matsakaicinsu. A cikin kwanakin ka sa ranar aiki da Juma'a da Lahadi, domin hanyar masallacin Zongo ran Juma'a takan cika har ta ruɗi mutum, ran Lahadi kuma wasu titunan tsit suke.

Masu tafiya a ƙasa kaɗai za ka ƙirga, su ma na gefenka. Na tsallaken titi ba naka ba ne.

Abin da mutane suka fi tsallakewa shi ne ƙirga ta biyu: mutum nawa ne ke tsayawa su saya a shagunan da ke wurin. Wannan ita ce ke nuna yawan tuwon, da kuma hannu nawa ke cikin kwanon.

Mu ɗauka ana yi maka tayin wuri biyu. Na farko bakin kwalta ne, mutum 480 ke wucewa a awa, akwai masu tireda uku, kuma ka ga mutum 36 sun saya a wurinsu gaba ɗaya. In ka zama na huɗu, rabonka 9 ne a awa. Na biyu bakin lungu ne mai yashi, mutum 180 kacal, shago ɗaya, amma 30 sun tsaya, yawanci mata da yaran da aka aiko. Kada ka ce rabi naka ne. Mai shagon nan yana da littafin bashi, kuma wadda ake bi kuɗin madara ba za ta wuce shi ta zo wurinka da tsaba ba. Rubuta 10.

Yanzu ka ce ribar kowane mai saye sefa 50 ce, ciniki kuma awa 10 a rana. Bakin kwalta zai ba ka 4,500. In hayarsa 45,000 ce a wata, wato 1,500 a rana, saura 3,000. Lungu zai ba ka 5,000. Hayarsa 15,000, wato 500 a rana, saura 4,500. Jaka ɗaya da rabi kullum ke tsakaninsu, kuma wurin da ido ya raina ne ya yi gaba. A ganina ma lungun ya fi haka daraja, don mai aiken yaro gobe ma zai aiko, matafiyi kuwa ya wuce ke nan.

Yayin da kake zaune, ka lura da abin da ake tambaya a shagon maƙwabci a ce babu, da lokacin da yake rufewa. In yana rufewa da magariba alhali unguwa na ta hada-hada har ƙarfe goma, wannan awoyin naka ne kai kaɗai, sai ka ƙara su a lissafi. In kuwa ɗan'uwa ne Bahaushe, je ka gaishe shi ka faɗa masa niyyarka tun kafin kafinta ya zo. Gobe shi za ka nema canji.

Abu biyu wake ba zai gaya maka ba. Na ɗaya ruwa: Kwatano gari ne mai kwance, lungun da ke cike da jama'a a watan Janairu yana iya zama tafki a watan Yuni, mutane su sake hanya. Duba gindin katangun gidaje, tabon ruwan bara yana nan. Na biyu, ƙasar wa za ka hau? A farkon 2017 hukuma ta rushe rumfuna da shagunan da aka kafa a kan hanyar masu tafiya a ƙasa a manyan titunan Kwatano, 'yan kasuwa da yawa suka yi asara. Saboda haka ka tabbata filin yana cikin iyakar gidan wanda zai ba ka haya, ka je ofishin hukumar unguwa ka tambaya da bakinka, sannan a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu kafin ka miƙa kuɗi.