Bidiyon tunawa da mamaci: aikin yana farawa tun kafin a buɗe manhaja

Bayan an share makoki baƙi sun watse, a gidaje da yawa akan sami mai cewa a tattaro hotunan marigayi a haɗa bidiyo, a tura wa dangi na nesa. Yawanci auta ake ɗora wa aikin, wai shi ne ya iya waya. Shi kuma sai ya zuba duk abin da aka turo masa cikin CapCut ko InShot, ya fito da abu na minti ashirin, fuskoki dishi-dishi, kiɗa ya danne muryar mamacin. Laifin ba na manhajar ba ne. Tun wajen tattara kayan aikin ya lalace.

Mu ɗauka mahaifi ne ya rasu, tsohon malamin makaranta. Abin da ya bari: albam guda, hoton fasfo na lokacin da ya kama aiki, hoton aurensa cikin firem, 'yan gajerun bidiyo na sunan jikoki a wayoyin 'ya'ya, da saƙonnin murya da yake turo musu.

Kafin a taɓa ko ɗaya, a nemi izinin manya, musamman matarsa da ke takaba. Malamai sun saɓa a kan hukuncin hoto, gidaje ma haka, kuma akwai hoton da aka ɗauka a tsakar gida mata ba mayafi, wanda masu shi ba za su so ya fita ba. A kuma yanke tun yanzu: bidiyon na dangi ne kawai, ko za a sa shi a Facebook? Abin da ya shiga zauren WhatsApp na dangi, a ɗauka ya riga ya fita.

Sai hotunan takarda. Idan za a kai su shagon da ke da na'urar sikan, a faɗa wa mai shagon ya sa 600 dpi. Dalilin lissafi ne mai sauƙi. Bidiyon da ake kira 1080p yana da ɗigo 1920 a faɗi, 1080 a tsayi. Hoto mai inci 6 da 4, irin wanda aka fi wankewa a da, a kan 300 dpi yana ba da ɗigo 1800 da 1200 ne kacal. Da ƙyar ya cika allo, kuma da zarar an matso da fuskar sai ta dushe. A 600 dpi adadin ya ninka. Hoton fasfo kuwa, da yake ɗan mitsitsi ne, a nemi 1200.

Wanda ba shi da halin zuwa shago, waya ta isa, in an bi ƙa'ida. A shimfiɗa hoton a bakin ƙofa ko cikin inuwa da hantsi, a kashe fitilar kamara, a goge idonta, a riƙe wayar saitin hoton sosai ba a karkace ba. Alamar an karkata ita ce gefen sama ya fi na ƙasa faɗi, kai ya yi tsawo. Hoton auren nan da ke firem shi ne mai haɗari: danshin damina kan manne takarda da gilashi, mai ɓamɓarowa sai ya ga rabin fuska ya bi gilashin. A bar shi yadda yake a ɗauka ta saman gilashin. Manhajar PhotoScan ta Google tana rage ƙyalli. A ɗauki bayan kowane hoto ma, domin nan ake samun hatimin mai hoto, wani lokaci har da kwanan wata da biro.

Wajen bidiyon waya ne aka fi yin asara ba a sani ba. WhatsApp yana matse bidiyo don ya rage nauyi, abin da ya zubar kuwa ba ya dawowa. Don haka a binciko wanda ya ɗauka da wayarsa, a ce ya turo ta Document, ko a haɗu a karɓa ta Xender. Gane kwafi ba wuya. Bidiyon minti ɗaya na 1080p daga kamara yakan kai MB 60 zuwa sama da 100. Idan naka bai wuce goma ba, matsattse ne. A wayar Android sunan ma yana tona asiri: wanda ya biyo ta WhatsApp yana ɗauke da WA, kamar VID-20190412-WA0003. Lambar da ke tsakiya ranar da ya shigo wayar ce, ba lallai ranar da aka ɗauka ba, kada a rubuta ta a matsayin ranar sunan.

Yanzu sai tsawo. A ganina minti biyar ya wadatar, wato daƙiƙa 300. A ware 30 don rubutun buɗewa da na rufewa: suna, shekarar haihuwa in an tabbatar da ita, ranar rasuwa, da addu'a. A ba gutsuren bidiyo uku daƙiƙa 90 a haɗe. Saura 180. Hoto yana buƙatar kamar daƙiƙa 6 kafin ido ya gane waye wannan, wace ce waccan, ke nan hotuna 30 ne za su shiga. Idan an tara ɗari biyu, zaɓen zai yi zafi, kuma nan ne ake ɓata wa mutane rai. A gidan da ke da ɗaki fiye da ɗaya, a ƙirga da gangan a ga kowane ɗaki ya fito, har da matar da ta riga shi rasuwa da 'ya'yanta. Gara a cire hoto mai kyau da a ce an manta da wani.

Jeri kuwa a bi shekaru: samartaka, aiki, aure, 'ya'ya, tsufa. Hoton da ke tsaye kada a ja shi don ya cika faffaɗan allo, sai mutum siriri ya koma mai ƙiba. A bar gefe da gefe baƙi. Tsakanin hoto da hoto a yi amfani da narkewa a hankali kawai. Juye-juye da walƙiya da furanni masu zubowa na bidiyon biki ne.

Abin da ya fi komai daraja a cikin kayan nan shi ne muryarsa. Hoto dangi sun saba gani a bango, amma jin Baba yana tambayar ko an isa lafiya, ko yana sa wa jika albarka, shi ne abin da babu mai iya sake samarwa. A zaɓi saƙo ɗaya ko biyu marasa sirri, a ɗora a kan hotunansa na ƙarshe. Saƙon murya na WhatsApp yana zuwa ne a tsarin opus, wanda wasu manhajoji ba sa karɓa. Sai a fara mayar da shi mp3. Duk inda yake magana a sauke kowane sauti gaba ɗaya. Gidan da ba ya son kiɗa, babban wa ko wata gwaggo su ba da tarihinsa da baki, a naɗa a ɗaki mai labule, fanka a kashe. Idan za a sa karatun Alƙur'ani, a ba shi wurinsa shi kaɗai, kada a mai da shi shimfiɗar da ake magana a kai.

In an gama a fitar da kwafi biyu: 1080p na ajiya, 720p na turawa, saboda masu ƙarancin data. Kafin a saki, a nuna wa dattijo ɗaya na gidan ya duba sunaye da shekaru, don shi zai gane cewa wanda aka rubuta ƙanen Baba ashe abokin aikinsa ne. Sannan a kwafe bidiyon tare da asalin hotuna da muryoyin a filash, a ba 'yan'uwa biyu da ba gida ɗaya suke ba, a kuma mayar wa kowa hoton da aka aro a hannunsa.