Mako Biyu Shiru: Yadda Ake Tuni Kan Takardar Farashi

Mu ɗauka wani kafinta a Kano ya aika wa wata makarantar kuɗi takardar farashi ta imel ranar 3 ga Maris: benci 60, kowanne naira 45,000, jimilla naira miliyan 2 da dubu 700. Yau 17 ga wata, ba a ce masa uffan ba.

Ana cewa shiru ma magana ce, amma a ofis sau da yawa shirun ba ƙi ba ne. Wataƙila takardar na kan teburin mai makarantar tana jiran sa hannu, ko ana gwada ta da ta wasu kafintoci, ko kuma saƙon ya faɗa akwatin Spam. Don haka ya fara duba adireshin da ya aika wa, sannan ya buɗe saƙon farko ya danna Reply, yadda tsohon bayani zai biyo a ƙasa. Ya sake liƙa takardar, domin Reply ba ya ɗauko ta da kansa.

Inda aka fi yin kuskure shi ne cikin saƙon. Wani zai cika shi da ban-haƙuri har a ɗauka ba shi da sauran aiki. Wani kuma ya rubuta "na ji ku shiru", wadda zargi ce a fakaice. A ganina tsayuwa ba ta buƙatar kakkausar murya. Rana take buƙata, da dalilin sa ranar. Ga yadda zai iya rubutawa:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina tuni ne kan takardar farashin benci 60 da na aiko ranar 3 ga Maris, ga ta na sake liƙawa. Farashin zai tsaya har zuwa 31 ga Maris. Bayan nan sai na sake lissafi, saboda kuɗin katako da ƙarfe na motsawa. Aikin na ɗaukar mako uku daga ranar da aka biya rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami. Shin an yanke shawara, ko akwai abin da kuke so a gyara? Ko an fasa ne, zan ji daɗin sani. Na gode."

Tambayarsa mai sauƙin amsawa ce, kuma ya buɗe musu ƙofar cewa a'a ba tare da jin nauyi ba. Bai yi ragi ba, domin wanda ya rage farashi tun ba a taya ba ya nuna cewa da ma ya tsawwala.

Sai dai ranar ta zama ta gaskiya. Idan 31 ga Maris ta wuce, suka dawo a Afrilu, ya sake lissafin kamar yadda ya faɗa. In ya karɓa a tsohon farashi alhali katako ya tashi, daga aljihunsa zai cike giɓin, kuma ba za su ƙara ɗaukar wa'adinsa da muhimmanci ba.