Abin da ya kamata ku sani: yadda sabar ke haɗa takardar kuɗin kaya ta PDF

Idan mutum ya yi odar kaya a shagon intanet, aka turo masa takardar kuɗi ta PDF, ba wani ma'aikaci ya zauna ya buga ta ba. Manhajar da ke aiki a sabar ce ta ɗauko bayanan odar daga ma'adanar bayanai, ta lissafa kuɗin, ta jera su a shafi. Zana shafin shi ne mai sauƙi. Inda aikin yake shi ne takardar ta faɗi abu ɗaya yau, ta kuma faɗi shi bayan shekara biyu.

A ce wata mata ta sayi takalma ƙafa 3, kowanne ₦12,500. Kuɗin kaya ₦37,500 ke nan. Harajin VAT a Najeriya kashi 7.5 cikin ɗari ne tun Fabrairun 2020, wato ₦2,812.50, jimilla ₦40,312.50. Bayan wata biyu sai mai shago ya mayar da takalmin ₦14,000. Matar ta dawo tana neman takardarta. Idan manhajar tana leƙa farashin da ke kan kaya a yanzu duk sadda za ta haɗa takarda, sabuwar za ta fito da ₦45,150, kuɗin da ba a taɓa biya ba. Babu wani saƙon kuskure da zai bayyana. Sai ranar da akanta ya gwada takardu da abin da ya shiga banki za a gano.

Maganin shi ne a kwafe komai a lokacin cinikin: sunan kaya, farashi, adadin haraji, adireshin mai saye, a ajiye su tare da odar. Daga wannan kwafin ake haɗa takarda. Ni dai na fi son a ƙara da ajiye fayil ɗin da aka fara haɗawa, duk wanda ya sake nema a miƙa masa shi. Lambar takardar ma sau ɗaya ake ba da ita. In mai saye ya danna maɓalli sau biyu saboda intanet na ja, sai manhajar ta duba ko odar tana da lamba kafin ta fitar da sabuwa.

Lissafin kuma a yi shi da kwabo. Kwamfuta ba ta iya riƙe wasu ɓangarorin lamba daidai. A Python, `0.1 + 0.2` yana ba da `0.30000000000000004`. Saboda haka ₦12,500 a ajiye shi 1,250,000, a haɗa komai da cikakkun lambobi, sai wajen rubutawa a shafi a raba da ɗari.

Hanyar zanawa biyu ce. Ko a tsara takardar da HTML a ba WeasyPrint ko Puppeteer ya mayar da ita PDF, ko a zana kai tsaye da irin su ReportLab, inda kake faɗin wurin kowane rubutu a shafin A4 mai faɗin ɗigo 595 da tsawon 842. Puppeteer yana tayar da burauzar Chromium ne sukutum, ga cin ƙwaƙwalwa, don haka gara a sa aikin a layi ya gudu a bayan fage, kada mai saye ya tsaya jira.

Akwai matsalar da ta fi shafar mu. ReportLab yana farawa ne da salon haruffa na Helvetica, wanda babu ƙ, ɗ, ɓ a cikinsa, babu kuma alamar ₦. Mai saye daga Ƙofar Mata sai ya ga baƙin akwati a farkon adireshinsa. Dole a saka salon da ke da su a cikin fayil ɗin:

```python
from reportlab.pdfgen import canvas
from reportlab.pdfbase import pdfmetrics
from reportlab.pdfbase.ttfonts import TTFont

c = canvas.Canvas("takarda.pdf")
pdfmetrics.registerFont(TTFont("DejaVu", "DejaVuSans.ttf"))
c.setFont("DejaVu", 10)
```

Masu bin hanyar HTML su ma ba su tsira ba. Takarda takan fito lafiya a kwamfutar mai rubuta manhaja, ta lalace a sabar, domin ba a girka salon haruffan a can ba. Umarnin `pdffonts` zai nuna gaskiya: a duba ko sunan salon da ake so ya fito, sannan a duba ƙarƙashin `emb`, a tabbata an rubuta `yes`.

Kafin a saki aikin, a gwada shi da odar kaya 60 mai dogayen sunaye, a sabar kanta, a buga a firinta. Nan ake ganin ko kan jadawalin ya maimaitu a shafi na biyu, ko suna ya hau kan farashi, ko kuma jimilla ta faɗa shafi na uku ita kaɗai.